Rigar Fata: Yadda Ake Kula da Ita, da Lokacin da Ta Dace da Jiki

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano da sauran kasuwanninmu sukan rataye rigunan fata, waɗanda aka fi sani da jaket, a gaban rumfuna. Mai saye yakan gwada, ya duba ko kafaɗa ta zauna, ya yi ciniki, ya biya. Da wuya ka ji ya tambayi wace irin fata ce, ko ta wace dabba. Idan shekara ta zagayo aka ciro rigar daga ƙasan akwati, sai a tarar ko ta yi fumfuna, ko ta bushe ta ƙandare, ko kuma tana saɓulewa a wuya da gwiwar hannu. Sau da yawa rigar ba ta da laifi. An sa ta ne a yanayin da ba nata ba, kuma an ajiye ta yadda ba ta so. Alhali rigar fata ta gaske, idan ta sami kulawa, tana iya yi wa mutum shekara ashirin ko fiye.

Aikin da aka ɗinka ta domin shi

Sanin asalin rigar yana sauƙaƙa fahimtar halinta. A shekarar 1928 ne Irving Schott, wani maɗinki a birnin New York, ya fito da rigar fata mai zif ta mahaya babur da ya sa wa suna Perfecto, wadda har yau ake kwaikwayon ɗinkinta. A 1931 sojojin saman Amurka suka amince da wata rigar fatar mai suna A-2 domin matuƙa jirage. Mahayin babur da matuƙin jirgin wancan zamani matsalarsu ɗaya ce, wato iska mai ƙarfi da ke dukan ƙirji. Fata tana tare iska fiye da kowane saƙi, domin ba ta da ramuka irin na yadi da iska za ta ratsa.

Amma da aka zo ga waɗanda ke tashi can ƙololuwa a manyan jiragen yaƙi, inda sanyi ke wuce misali, sai aka ga fata zalla ba ta wadatar ba. Shi ya sa a 1934 aka fito da B-3, wadda aka yi da fatar tunkiya da gashinta a ciki. Darasin a fili yake: fata tana tare iska, amma ɗumi daga abin da ke ƙarƙashinta yake zuwa. Babu kuma ko ɗaya cikin waɗannan riguna da aka yi domin tafiya cikin ruwan sama.

Abin da ke cikin fata

Fata tarin zaruruwa ce ƙanana da suka sarƙe da juna. Jima ita ke hana waɗannan zaruruwa ruɓewa. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, kuma da ita aka jeme fatun jajayen awakin Sakkwato da Maraɗi da fatake suka riƙa tsallakawa da su Sahara, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. Masana'antun zamani kuwa sun fi amfani da gishirin kuromiyom, kuma kusan duk rigar fatar da za ka gani a kasuwa da shi aka jeme ta, domin yana ba da fata mai laushi da ta fi jure ruwa da zafi.

Ko da wace hanya aka bi, bayan jima sai an sa wa fatar mai, kuma wannan man shi ne ran rigar. Shi ke sa zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna idan ka lanƙwasa hannu. Idan man ya ragu, zaruruwan sukan manne, su yi tauri, daga nan su fara karyewa a wuraren da aka fi lanƙwasawa. Abin da ke faruwa da diddigen mutum a hunturu ke nan: da fari kaushi, in ba a shafa mai ba sai faso. Bambancin kawai shi ne jikin mutum yana warkewa, amma fatar riga idan ta tsage ta tsage ke nan.

Abubuwa uku ke cinye wannan man. Na farko ruwa: idan ya shiga cikin fatar, a lokacin da yake bushewa yakan janyo wani ɓangare na man zuwa sama ya bar cikin a bushe. Na biyu zafi, na rana ko na wuta. Na uku busasshiyar iska irin ta hunturu. Duk kulawar da za a yi wa rigar fata a kan kare wannan man take.

Fara sanin irin taka

Kafin a yi maganar kulawa, a tabbatar fata ce. Da yawa daga cikin rigunan da ke kasuwa yadi ne aka shimfiɗa wa roba a sama, aka buga mata zane irin na fata. Nemi wurin da bakin fatar ya fito, kamar cikin aljihu ko gefen ɗinki. Idan ta gaske ce, bayanta yana da gashi-gashi mai laushi. Idan roba ce, za ka ga saƙin yadi. Dubi kuma 'yan ɗigo-ɗigon da ke fuskarta: na fata ba su da tsari, na roba kuwa iri ɗaya ne suna maimaita kansu. Ƙamshinsu ma ya bambanta. Rigar roba tana da araha, kuma ruwan sama ba ya ratsa fuskarta, amma danshi da zafi suna ruɓar da robar a hankali. Cikin 'yan shekaru sai ta fara ɓarewa tana zuba, kuma babu man da zai tsayar da hakan. A nan ma araha ba ta ado.

Idan ta tabbata fata ce, a duba kauri. Fatar ɗan rago ita ce mafi laushi da rashin nauyi, yawanci ba ta kai milimita 1 ba. Tana da kyau a jiki, amma tana saurin yagewa da shan ruwa. Fatar saniya takan kai milimita 1.1 zuwa 1.4, tana da nauyi, kuma ita ce ta mahaya babur. Fatar akuya tana tsakani: ba ta da nauyi sosai, amma tana da ƙwari.

Sai gwaji mafi amfani, wanda ba ya cin ko sisi. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani, kamar cikin gindin rigar, ka jira minti ɗaya. Idan ɗigon ya tsaya dunƙule a sama, an rufe fuskar fatar da fenti, kuma za ta jure yayyafi. Idan ya nutse ya bar duhu, rini kawai aka yi mata ba a rufe ta ba. Irin wannan ta fi kyau da tsada, amma duk abin da ya taɓa ta sai ta sha. Akwai kuma mai fuska kamar karammiski, wadda ake kira suwed. Ita ruwa da maiƙo abokan gabarta ne ƙwarai, kuma ba a shafa mata mai. Da buroshi na musamman ake gyara ta.

A sanyi

Lokacin da rigar fata ta fi jin daɗin sawa shi ne idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 10 zuwa 18, musamman in da iska. Wannan shi ne yanayin asubahin hunturu da darensa a Kano, Zariya ko Damagaram. A Jos, inda sanyin safiya kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, rigar fata kan singileti kaɗai ba za ta yi ba. Fatar da kanta takan yi sanyi, kuma idan shafin da ke cikinta siriri ne, sanyin yana isa jiki. Maganin shi ne suwaita a ciki. Saboda haka duk mai sayen riga domin sanyi ya gwada ta a kan suwaita. Rigar da ta matse jiki ba ta barin wurin iskar ɗumi, kuma wannan iskar da ke tsare tsakanin jiki da riga ita ce ainihin abin da ke ɗumama mutum.

A kan babur ne fata take nuna gwanintarta. Idan sanyi yana digiri 10 kuma mutum yana gudun kilomita 60 a awa, jikinsa zai ji kamar digiri 5 ne. Suwaita komai kaurinta iska tana ratsa ta, amma idan aka ɗora fata a kai sai ɗumin ya zauna. A kula da ƙofofin iska uku: wuya, bakin hannu da ƙugu. Idan ɗaya a buɗe yake, iska za ta shiga ta kore ɗumin duka.

Ga ɗalibi ko ɗan kasuwa da zai je ƙasar da ake ƙanƙara, kamar Rasha ko arewacin Sin, rigar fata ta yau da kullum ba ta isa ba idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Can sai mai gashin tunkiya a ciki, ko kuma ya nemi rigar sanyi ta ainihi.

A ruwan sama

Rigar da ta ci gwajin ɗigo za ta jure yayyafi na minti goma ko sha biyar, kamar daga bakin titi zuwa gida. Ruwan Agusta kuwa, wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya, babu rigar fatar da ke jure shi. Ruwan yakan fara shiga ta ramukan allura a ɗinki da ta zif, sannan ya ratsa wuraren da fentin ya goge, wato kafaɗa da gwiwar hannu. Akwai feshin kariya daga ruwa da ake sayarwa, yana taimakawa wajen yayyafi, amma ba ya toshe ɗinki. Mai babur da ke sa fata da damina ya riƙa ajiye rigar ruwa ta leda a ƙarƙashin kujera, ya ɗora ta a sama da zarar hadari ya haɗu.

To, a ce abin ya riga ya faru. Mutum ya taso daga Zariya zuwa Kano a kan babur da rigar fatar saniya, ruwa ya kama shi a hanya, ya iso gida rigar ta jiƙe sharkaf ta yi nauyi. Abin da zai yi cikin kwana biyu masu zuwa shi zai nuna ko rigar za ta tashi.

Da farko ya kwashe duk abin da ke aljihu. Jiƙaƙƙiyar fata tana miƙewa, kuma idan ta bushe da waya ko makullai a aljihu, wannan kumburin ya zauna ke nan. Sai ya sami tawul busasshe ya riƙa dannawa yana tsotse ruwan. Kada ya dirza, kada ya matse. Idan akwai taɓo, ya share da tsumma mai ɗan ruwa tun bai bushe ba. Idan wani sashe ya jiƙe wani bai jiƙe ba, ya bi duk faɗin wannan sashen da tsumma mai laima daga ɗinki zuwa ɗinki, domin idan aka bar iyaka tsakanin jiƙaƙƙe da busasshe, a nan zanen ruwa yake fitowa.

Daga nan ya rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, ta katako ko ta roba mai kauri. Hangar waya ko ƙusa a bango za su huda siffar kafaɗar. Ya cusa tsohuwar jarida ko farar takarda a hannayen, yana canzawa idan ta jiƙe. Ya ajiye ta a ɗaki mai iska, a inuwa; fanka tana taimakawa. A nan ne mafi yawan mutane suke ɓata rigarsu saboda gaggawa: a shanya a rana, a kanga a gawayi, ko a bi da dutsen guga. Zafi yana sa saman fatar ya bushe kafin cikinta, ta takure ta yi tauri, kuma idan zafin ya yi yawa zaruruwan sukan ƙanƙance har abada. Bushewar kirki takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu.

Idan ta kusa bushewa, wato ba ta da jiƙa amma akwai ɗan sanyi-sanyi a taɓawa, ya sa ta a jiki na 'yan mintoci yana motsa hannu domin ta saki. Sannan ya shafa mata mai, don mayar da wanda ruwa ya tafi da shi. Alamar an yi nasara ita ce idan ya lanƙwasa gwiwar hannun ba ya jin ƙara kamar ta kwali, kuma launin wurin ba ya yin fari.

A zafi

Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, rigar fata ba ta da wurin zama a jiki. Jiki yana huce zafi ne ta hanyar bushewar gumi, fata kuma tana tare iskar da za ta busar da shi. Da zarar an haura digiri 25 mai tafiya a ƙasa zai fara jin takura. Ita ma rigar tana cutuwa: gumi yana ɗauke da gishiri, yana ratsa shafi ya shiga fatar, ya busar da ita, ya bar farin zane a hammata da wuya, ga wari mai wuyar fita.

Mai babban babur da ke tafiya mai nisa yana da uzuri, domin shi kariya daga ƙurjewa yake nema idan aka faɗi. Gare shi akwai rigar fata mai ƙananan huji da ke barin iska ta shiga yayin gudu, ko ta saƙin raga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu. Ko da hakan, da ya tsaya ya cire. Kada kuma a bar rigar fata cikin mota a rufe a rana, domin zafin ciki yana iya wuce digiri 60, ga hasken da ke koɗar da launi.

Shafa mai da cire tabo

A yanayinmu sau biyu a shekara ya wadatar: sau ɗaya a farkon hunturu, sau ɗaya kafin a ajiye ta. Da hunturu danshin iska a arewa yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ga ƙura mai laushi da ke maƙalewa a ɗinki tana tsotse mai. Don haka a riƙa share rigar da busasshen tsumma mai laushi duk mako, kuma kada a taɓa shafa mai a kan ƙura.

A nemi man da aka yi domin rigar fata ko kujerun fata. A fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, a jira kwana ɗaya a ga ko launi ya canza. Sannan a ɗebi kamar ƙwayar wake a tsumma, a bi sashe ɗaya a hankali, a sake ɗiba don sashe na gaba. A bar ta ta kwana, da safe a goge da tsumma mai tsabta. Idan washegari tana danƙo a hannu, man ya yi yawa, kuma yawan mai yana jawo ƙura, yana sa fata ta saki.

Man gyaɗa, manja da man zaitun suna laushi da fari, amma sukan duhunta fatar, su bar dabbare-dabbare, daga baya su yi ɗoyi. Man goge takalmi an yi shi ne don fata mai tauri. A riga yana tsagewa, yana kuma shafar kaya da kujera. Garin sabulun wanki da injin wanki suna kwashe man fatar gaba ɗaya. Turaren fesawa yana ɗauke da sinadarin da ke narkar da fenti, saboda haka a fesa a jiki ya bushe kafin a sa rigar.

Idan maiƙon miya ya zuba, kada a sa ruwa. A tsotse da takarda, a barbaɗa garin sitaci ko farar hoda a wurin, a bar shi ya kwana, da safe a kakkaɓe. A maimaita idan da saura. Tawadar biro da tsohon tabo sai a kai wa wanda ya san aikin fata, domin abin da ke cire tawada yana cire rini.

Ajiya da damina

Damina ce lokacin da aka fi asarar riguna, alhali ba a ma sa su. Idan danshin iska ya zarce kashi 70 cikin ɗari na kwanaki, fumfuna tana tsirowa, kuma ta fi son fata mai datti da gumi. Kafin ajiya a share rigar, a juya cikinta ta sha iska a inuwa, a shafa mai kaɗan, a rataye ta a hanga mai faɗi, a rufe da tsohon zanen auduga ko rigar matashi. Leda tana tsare danshi, don haka ba a sa fata a cikinta. Ninkewa a akwati kuma yana barin layin da ba ya fita. Kada sif ɗin ya jingina da bango mai laima, kuma duk bayan mako biyu ko uku a fito da rigar ta sha iska.

Idan aka ga farin abu ko kore-kore mai warin ruma, a fita da rigar waje, a rufe hanci, a kakkaɓe da buroshi mai laushi. Sai a haɗa farin ruwan kal da ruwa daidai wa daida, a gwada a ɓoyayyen wuri, a goge da tsumma da aka matse sosai, a shanya a inuwa, sannan a shafa mai. A goge cikin sif ɗin ma, in ba haka ba za ta dawo. Amma ba kowane fari ne fumfuna ba. Wani lokaci kitsen fatar ne yake fitowa ya daskare saboda sanyi. Idan aka murza da yatsa mai ɗumi ya narke ya ɓace, kuma babu wari, kitse ne, gogewa kawai yake so.

Hukuncin dai a taƙaice yake. Rigar fata ta hunturu ce da iska, da suwaita a ciki idan sanyi ya tsananta. Tana jure yayyafi, ba ta jure mamako, kuma da bazara hutawa ya kamace ta. Kafin ka fita da taka a karo na gaba, yi mata gwajin ɗigon ruwa, domin sakamakonsa ne zai gaya maka irin kulawar da take bukata.